Daga asistan zuwa metir-asistan: yadda sashen jami'a zai haɗa babban malami da ƙarami

A jami'o'in yankinmu, daga Maraɗi da Damagaram da Tawa zuwa Marwa, Injamena da Paraku, yawancin masu riƙe da azuzuwa matasa ne da ba su daɗe da kare digirin dakta ba. Jami'ar Marwa a 2008 aka kafa ta, jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa a 2010, ta Garwa kuwa a 2022. Sabuwar jami'a tana saurin tara ɗalibai, amma tara farfesoshi aiki ne na shekaru. Shi ya sa za a tarar da sashe mai malamai goma sha wani abu, amma masu babban muƙami a cikinsu ba su wuce biyu ko uku ba.

Sabon malami a irin wannan sashe ya iya fanninsa, tunda ya rubuta kundin dakta a kai. Abin da ba a koya masa ba shi ne yadda ake tsara darasin zango guda, yadda ake gyara takardun ɗalibai ɗaruruwa cikin mako biyu, wace mujalla ake kai wa maƙala, da irin takardun da za a nema a hannunsa ranar da ya tashi neman ƙarin girma. Hausawa na cewa da na gaba ake gane zurfin ruwa. Tsarin da Faransanci ke kira mantora, wato jagorancin babban malami ga ƙarami, hanya ce ta tabbatar da cewa kowane sabon malami yana da na gabansa, ba sai wanda ya yi sa'a ko ya san wani ba.

Irin wannan tsari yakan fara da biki da jawabai, bayan wata uku kuma ya mutu ba a sani ba. Abin da ke raya shi abu uku ne da ake yankewa tun kafin a haɗa kowa da kowa: ina za a kai ƙaramin malamin, wa bai kamata ya zama jagoransa ba, da kuma yadda za a rabu lafiya idan tafiyar ta ƙi.

A fara daga kundin neman ƙarin girma

A yawancin ƙasashen da ke aiki da Faransanci, hukumar CAMES ce ke tantance malaman jami'a. An kafa ta a Yamai a 1968, mazauninta kuma yana Wagadugu. Matakan aikin huɗu ne: asistan, metir-asistan, metir-konferans, sai cikakken farfesa. Biyu na ƙarshe su ne ake kira malaman sahu na A, waɗanda ke da ikon jagorantar kundin dakta. Don hawa daga mataki zuwa mataki, sai kwamitin ƙwararru na fannin mutum ya duba kundinsa ya sa sunansa a jerin waɗanda suka cancanta. Jerin farko, na zama metir-asistan, shi ake kira LAFMA. Ana tura kundi ta hannun jami'a a farkon shekara, ta dandalin e-CAMES, kwamitoci kuma su zauna a watan Yuli. Wanda kundinsa bai cika ba sai ya jira wata shekarar.

Kamaru tana da nata kwamitin na cikin gida, CCIU, kuma sunan mataki na biyu a can ya bambanta. A Gana da Najeriya kowace jami'a ce ke ƙara wa malamanta girma, tare da masu tantancewa daga waje a manyan matakai. A fannonin likitanci, shari'a da tattalin arziki kuma, a ƙasashen CAMES akwai gasar agiregasiyo da ake hawa matakin metir-konferans ta hanyarta. Duk da wannan bambanci, ko'ina akwai rubutacciyar ƙa'ida da ke faɗin shekarun aiki nawa, maƙaloli nawa, a wace irin mujalla, da wace shaidar koyarwa ake bukata.

Saboda haka aikin farko na mai tsara shirin shi ne ya samo ƙa'idar da ke aiki a wannan shekarar, ta fannin sashen, ya buga ta a takarda. Littafin jagoran tantancewa na CAMES ana sabunta shi, kuma sharuɗɗan kwamitin adabi da kimiyyar zamantakewa ba ɗaya suke da na kwamitin lissafi, fizik da kimiyyar sinadarai ba. Babban malamin da ya hau matakinsa shekara goma sha biyar da suka wuce yana iya ba da shawara da zuciya ɗaya bisa ƙa'idar da aka riga aka canza. Idan takardar tana gaban su biyun tun zaman farko, an toshe wannan kafar.

Amfanin farawa daga nan shi ne yana ba zaman abin tattaunawa. Idan aka ce wa mutum biyu kawai su riƙa haɗuwa don ƙaruwa da juna, za su gaisa, su tambayi iyali, su yi ƙorafin albashi, a zama na uku magana ta ƙare. Idan kuwa an san cewa nan da wata ashirin da takwas akwai kundin da za a miƙa, kowane zama yana da tambayarsa: me ya shiga kundin tun haɗuwarmu ta baya, me ya rage? Wannan bai hana a yi maganar gajiya, saɓani da abokan aiki ko matsalar gida ba. Kathy Kram, wadda littafinta na 1985 ya zama tushe a binciken wannan fanni, ta nuna cewa jagora yana yin aiki iri biyu, na ɗora mutum a kan hanyar aiki da na kwantar masa da hankali. Na biyun yakan zo ne bayan an saba, kuma sabon yana zuwa ta hanyar aikin da ake yi tare.

Wa zai yi wa wa jagora

A nan ne aka fi yin kuskure, domin abin da ya fi sauƙi shi ne a miƙa kowane ƙaramin malami ga wanda dama yake ƙarƙashinsa. Mutum biyu ya kamata a cire daga lissafi game da kowane asistan: shugaban sashe, da malamin da ya jagoranci kundin daktansa.

Shugaban sashe shi ke raba darussa, shi ke sa hannu a takardun shaidar aiki, kuma ra'ayinsa yana shiga kundin ƙarin girma. Ba wanda zai zauna gaban mai sa masa hannu ya ce darasin da aka ba shi ya fi ƙarfinsa, ko wata mujalla ta ƙi karɓar maƙalarsa sau biyu. Malamin kundin dakta kuwa uba ne a ilimi, kuma a al'adarmu ba a musu da uba. Ɗalibinsa zai ci gaba da ɗaukar masa jaka, da gyara masa takardun jarrabawa, da bin layin bincikensa, ko da lokaci ya yi da zai buɗe nasa. Wannan dangantaka tana da daraja, ba kuma a ce a yanke ta ba. Abin da ake so shi ne ƙaramin ya samu mutum na biyu, wanda zai iya gaya wa abin da kunya ko tsoro ba za su bari ya gaya wa na farko ba.

A ɗauki misalin sashe mai malamai 14: cikakken farfesa ɗaya, metir-konferans biyu, metir-asistan biyar, asistan shida. Ɗaya daga cikin metir-konferans ɗin shi ne shugaban sashe, don haka ya fita. Farfesan shi ya jagoranci kundin huɗu daga cikin asistan shidan. Idan aka nace cewa sai ɗan sahu na A ne zai zama jagora, asistan huɗu za su taru a kan metir-konferans guda, wanda dama yana da ɗaliban masta da na dakta, kuma yana zuwa koyarwa a wasu jami'o'i. Kafin zango ya ƙare zai daina ɗaga waya.

Mafita ita ce a yi tsani. Asistan ya samu jagora daga cikin metir-asistan, musamman waɗanda suka shiga jerin LAFMA a shekarun baya-bayan nan. Su ne suka fi kowa sanin yadda dandalin yake a yanzu, wace takarda ce ke ɗaukar lokaci kafin ta fito daga ofishin shugaban tsangaya, da abin da ya sa aka maido da kundin wani. A misalinmu, a ce huɗu daga cikin biyar ɗin sun yarda: biyu su ɗauki asistan bibbiyu, biyu su ɗauki ɗaiɗai, shida sun samu ke nan. Su kuma metir-asistan biyar ɗin suna bukatar nasu jagoran don mataki na gaba. Farfesa ya ɗauki biyu da ba ɗalibansa ba, metir-konferans ya ɗauki biyu, na biyar a nema masa wani daga sashe maƙwabci ko wata jami'a, su riƙa magana ta waya, su haɗu ido da ido sau ɗaya ko biyu a shekara. Kada kowa ya wuce mutum biyu.

Yadda ake haɗawar ma yana da muhimmanci. Idan aka tara mutane a ɗakin taro aka ce kowa ya zaɓi jagoransa, kowa zai ambaci farfesa don kada a ce ya raina shi. Gara a naɗa mai kula da shirin, malami guda da ake ganin girmansa wanda ba shugaban sashe ba ne. Kowane ƙaramin malami ya ba shi a asirce sunaye uku da yake so, da sunan wanda ba ya so in akwai, ba tare da an tambaye shi dalili ba. Mai kula ya tuntuɓi manyan ɗaya bayan ɗaya, ya fitar da jerin. Ba wanda zai san wa ya ƙi wa.

Akwai batun malamai mata, wanda ba a faye faɗinsa a taro ba amma kowa ya san da shi. A sashen da mata ba su da yawa a manyan matakai, malama za ta samu jagora namiji, kuma tsegumi kaɗai ya isa ya sa ta janye. Tsarin ne ya kamata ya kare su duka biyun: haɗuwa a harabar jami'a, a lokacin aiki, a ofis mai buɗaɗɗiyar ƙofa ko ɗakin malamai, kuma a rubuce take cewa sashe ne ya tsara. Malamar da ta fi son jagora mace a nema mata ko daga wata tsangaya. Shirin AWARD, da ke Nairobi tun 2008 yana tallafa wa mata masu binciken noma a Afirka, ya ginu ne a kan haɗa kowace mai bincike da jagora na tsawon shekara, da haɗuwa a kai a kai bisa rubutaccen buri, daga baya ita ma ta ɗauki wata ƙarama ta yi mata jagora. Tsanin da muka kwatanta a sama irin wannan ne.

Takarda guda da su biyun za su sa wa hannu

Yarjejeniyar kada ta wuce shafi ɗaya, amma ta amsa tambayoyi biyar.

Na farko, lokaci. Haɗuwa sau ɗaya a wata, minti 90, wata goma a shekara, sa'a 15 ke nan. A ƙara kamar sa'a goma na karanta rubutun ƙaramin, da shiga ajinsa sau biyu na sa'a bibbiyu. Jimilla ta kusa sa'a 30 a shekara kan mutum guda. Gara a faɗa wa babban malami wannan lissafi tun farko, ya karɓa ko ya ƙi da saninsa.

Na biyu, wa ke kiran zama. A rubuta cewa ƙaramin ne ke aika saƙon tuni, kuma shi ke kawo abin da za a tattauna kwana uku kafin ranar. Rubuta wannan yana cire masa nauyin ganin kamar yana damun na gaba da shi. A tsayar da ranakun zango gaba ɗaya a zaman farko, misali Talatar farko ta kowane wata. Idan yajin aiki ko tafiya ta gitta, a yi ta waya cikin makon, kada a bar wata ya wuce.

Na uku, sirri. Abin da aka faɗa a zaman ba ya zuwa kunnen shugaban sashe. Mai kula da shirin ranakun haɗuwa kawai yake karɓa. A faɗi iyakar sirrin ƙarara: idan magana ta shafi cin zarafin ɗalibi, sayar da maki ko satar rubutu, jagora ba zai rufe ba. Kuma idan jagora yana cikin kwamitin da zai duba kundin ƙaramin a matakin jami'a, ya fita daga ɗakin lokacin da aka zo kansa.

Na huɗu, suna a kan maƙala. Wannan ne ke kashe yawancin irin wannan dangantaka. Babban malami shi ma yana neman maƙaloli don nasa kundin, ƙaramin kuma yana jin kunyar fitar da rubutun da Malam ya gyara ba tare da sunan Malam a kai ba. A rubuta cewa karantawa, gyara da ba da shawara ba sa sa mutum ya zama marubuci, godiya ce ake yi masa a ƙarshen maƙala. Idan suna so su yi bincike tare, su yanke wanda zai yi me da jerin sunaye kafin a fara. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin kwamitocin tantancewa suna duba matsayin sunan mutum a jerin marubuta, kuma asistan da kullum sunansa ke zuwa na uku yana iya tarar da cewa aikin da ya yi da hannunsa bai ɗaga kundinsa yadda ya zata ba.

Na biyar, ƙofar fita. Bayan wata uku mai kula ya tambayi kowannensu shi kaɗai ko a ci gaba. Duk wanda ya ce a canza, a canza, a kuma sanar da shi a matsayin gyaran jadawali. Yarjejeniyar ta shekara ɗaya ce, ana iya sabunta ta. Idan babu wannan ƙofa, ƙaramin da bai ji daɗi ba ba zai taɓa cewa komai ba, zai dai riƙa samun uzuri har maganar ta shiririce.

Misali: wata 28 na wata sabuwar malama

A ce an ɗauki wata malama aiki a matsayin asistan a sashen labarin ƙasa a Oktoba 2025, da digirin dakta a hannu. A ce kuma ƙa'idar kwamitinta tana neman cikakkun shekaru biyu na aiki da maƙala biyu da suka riga suka fito. Jagorarta metir-asistan ce da ta shiga jerin shekara biyu da suka wuce.

A zaman farko suna yin lissafi daga ƙarshe zuwa farko. Shekara biyu za su cika a Oktoba 2027, don haka kundin zai tafi a farkon 2028, sakamako a Yuli 2028. Jami'a tana duba kundaye kafin ta tura, saboda haka komai ya kamata ya kammala a Nuwamba 2027. Daga aika maƙala zuwa fitowarta, da jiran masu bita da gyara, yana iya cin shekara guda. Ke nan maƙala ta biyu dole ta bar hannunta a Nuwamba 2026, ta farko kuma a Yuni 2026, don a samu sararin sake aikawa wani wuri idan an ƙi ta. Malamar da ta shigo tana ganin tana da shekara biyu da ɗoriya ta gane cewa wata takwas gare ta kafin wa'adin farko. Wannan lissafi kaɗai ya biya kuɗin sabulun zaman.

Wata uku na farko na koyarwa ne. A ƙa'ida asistan darussan bita da na gwaji yake yi a ƙarƙashin babban malami, amma a sashen da ba malamai an ba ta babban darasi na ɗaliban shekarar farko. Jagorar ta ba ta nata tsarin darasin ta gani, ta shiga ajinta sau ɗaya ta zauna a baya, bayan an tashi ta faɗa mata abu biyu kawai: tana karanta wa ɗalibai rubutu suna kwafa har sa'a ta ƙare ba tambaya, kuma na bayan aji ba sa jin ta. Ta kuma nuna mata yadda ake rubuta ma'aunin ba da maki kafin a fara gyaran jarrabawa, don takarda ta farko da ta ɗari uku su samu hukunci iri ɗaya, kuma in ɗalibi ya kawo ƙara a samu abin nuna masa.

Tun a watan farko aka buɗe jakar kwali da takwararta a kwamfuta. Takardar ɗauka aiki, takardar kama aiki, jadawalin kowane zango da sa hannun shugaban sashe, takardar shaidar sa'o'in da ta koyar, duk suna shiga a lokacin da aka yi su. Neman shaidar darasin da aka koyar shekara biyu baya, bayan an canza shugaban sashe da sakatare, wahala ce da ake iya kauce mata. Ta kuma buɗe lambar ORCID, ta tsayar da yadda za ta riƙa rubuta sunanta, domin sunan da ya fito iri biyu a maƙala biyu da takardar digiri yana jawo tambaya.

A Fabrairu 2026 saƙo ya zo mata daga wata mujalla da ke alkawarin buga maƙala cikin kwana goma idan an biya kuɗi. Ta kawo shi zama. Suka duba tare: mujallar tana karɓar komai daga likitanci zuwa adabi, ba a san mutanen kwamitin editocinta a fannin ba, ba ta cikin DOAJ ko AJOL ko Scopus duk da tana iƙirarin haka, kuma kwana goma ba su isa a yi bita ta gaskiya ba. Suka bar ta. Suka zaɓi mujalla biyu da ƙa'idar kwamitin ta yarda da irinsu, ɗaya ta farko, ɗaya ta ko-ta-kwana. Suka kuma karanta abin da ƙa'idar ta ce game da maƙalar da aka ciro daga kundin dakta da wadda ba daga cikinsa ba, suka yanke cewa ta biyun za ta fito daga sabon aikin fili kan rijiyoyin lambu a wasu ƙauyuka kusa da gari, wanda za a iya yi da kuɗin mai na babur.

A Satumba 2026 maƙalar farko ta dawo da shafi uku na suka. Malamar ta ɗauka an ƙi ta. Jagorar ta karanta ta nuna mata cewa gyara aka nema, ta koya mata yin jadawali mai layi uku: abin da mai bita ya ce, abin da aka gyara, da shafin da gyaran yake. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A daidai lokacin aka nemi ɗora mata sakatariyar kwamitin jarrabawa a kan darussa huɗu. Da yardarta, jagorar ta je wurin shugaban sashe da jadawalin watanni a hannu, aka ɗage nauyin zuwa shekara mai zuwa. Maƙala ta biyu ta makara da wata ɗaya, amma tazarar da aka bari ta shanye jinkirin.

Yadda za a gane tafiyar ta karkace

Alama ta farko ita ce shiru. Idan wata biyu suka wuce a jere ba ranar haɗuwa a takardar mai kula, ya kira ƙaramin shi kaɗai. Tambayar “lafiya dai ko?” amsarta kullum “lafiya lau” ce. Gara ya tambaye shi yaushe suka haɗu na ƙarshe, kuma me suka ce zai yi kafin zama na gaba. Wanda ba shi da amsar ta biyu, gaisuwa suke yi ba jagoranci ba.

Alama ta biyu ita ce aikin ya juya. Ƙaramin yana shiga aji a madadin jagora, yana gyara masa takardu, yana duba masa kundayen ɗaliban masta, nasa rubutun kuma yana nan inda yake. An koma tsarin ubangida da yaronsa ke nan. Mai kula zai gane ta hanyar tambayar sa'a nawa ya yi a aikin jagoran a watan da ya wuce.

Alama ta uku ita ce ɓangaranci. A sashen da manya biyu ba sa ga maciji, ko ake shirin zaɓen shugaban tsangaya, jagora yana iya mai da zaman wurin tara magoya baya. Haka kuma idan aka duba jerin aka ga kowa an haɗa shi da ɗan garinsu ko mai yarensu. Ga malamin da ya fito daga ƙaramar al'umma, ko ya zo daga wata ƙasa, jin daɗi ne ya samu wanda za su yi Hausa tare, amma ribarsa ta fi yawa idan jagoransa ya buɗe masa ƙofar da ba zai iya buɗewa da kansa ba. Ɗan'uwa dama yana nan, ba sai sashe ya naɗa shi ba.

Akwai kuma abin da jagoranci ba ya magani. Idan asistan yana koyar da ninki biyu na sa'o'in da doka ta ɗora masa, ko shekarun karatu sun hau kan juna har babu hutun da za a yi rubutu, shawara ba za ta ƙirƙiro masa lokaci ba. Abin da shirin zai iya shi ne ya tattara irin wannan ƙorafi ba tare da suna ba, mai kula ya kai shi taron sashe sau ɗaya a zango, a gyara rabon darussa.

Me babban malami zai samu

Jagorantar ɗaliban masta da dakta yana shiga kundin babban malami kai tsaye, shi ya sa yake ba shi lokaci. Sa'a 30 da zai ba abokin aiki kuwa, in sashe bai rubuta su ba, ba inda za su bayyana. Majalisar sashe ta amince da shirin a rubuce, shugaban tsangaya ya ba kowane jagora takardar naɗi da takardar shaida a ƙarshen shekara, wadda zai sa cikin ayyukan da ya yi wa jami'a. Inda dokar jami'a ta ba da dama, a rage masa wani nauyin, kamar tsaron jarrabawa ko zaman wani kwamiti. Biyan kuɗi kan kowane zama yana da haɗari, domin ranar da kuɗin suka tsaya zaman ma zai tsaya. A kuma yi wa jagororin zaman rabin yini kafin a fara, su karanta ƙa'idar tare, su yi gwajin sauraro da yin tambaya, tunda wanda ya saba da lacca yakan cinye minti 90 shi kaɗai.

A ƙarshen shekara ta farko ba a auna shirin da yawan waɗanda aka ƙara wa girma, domin lokacin bai yi ba. A ƙirga zama nawa aka yi cikin goman da aka tsara, maƙala nawa aka aika, asistan nawa ke da jakar takardu cikakkiya, da mutum nawa suka nemi a sabunta musu da jagoransu. Idan wasu sun nemi canji aka yi musu ba tare da rigima ba, wannan shaida ce cewa ƙofar fitar tana aiki. Sakamakon kwamitocin Yuli zai fara nuna wani abu ne daga shekara ta uku, kuma a lokacin waɗanda suka haye su ne za a fara tuntuɓa su ɗauki sababbin da aka ɗauka aiki.